Kashi Shida Ne Kawai

Wayar da ta faɗa ruwa ce a gabansa ranar, ya buɗe cikinta yana busar da ita, sai ya ji sallamar mace a bakin kantar shagon. Ya amsa bai ɗago ba, don masu gyaran waya duk haka suke, hannun mutum suke fara gani kafin fuskarsa. Hannun kuwa siriri ne, farce a yanke tas, yana ƙamshin sabulun asibiti. Da ya ɗaga kai sai ya ga farin kayan jinya da wasu idanu da suka kwana biyu ba su ƙoshi da barci ba. Nan take ya manta da wayar da ke jiran ceto.

Ta ce an gaya mata intanet ɗin shagon nan na da ƙarfi, mutane na zuwa su sauke fina-finai a manhajarsu su je gida su kalla, an kuma ce shi ya san kan kowane shiri. Ba ta son dogo. Tana son gajere, wanda zai ƙare.

"Sista, kafin na zaɓa miki, ƙarfe nawa kike kwanciya?"

Ta dube shi sheƙeƙe. "Malam, fim na zo nema, ba ganin likita ba."

Ya yi dariya, ya ce ai duk ɗaya ne, ba a rubuta magani sai an ji ciwo. Ya yi mata bayanin cewa kuskuren yawancin mutane shi ne ƙirga kashi-kashi su manta da tsawon kowanne. Wani shirin kashi goma ne amma duk kashi minti ashirin da biyu, wani kuma kashi biyar ne amma kowanne ya fi awa. Ga mutumin da ba shi da lokaci, ba jimillar ce damuwa ba, abin da zai shiga cikin yamma ɗaya ne. Sannan a duba ko kowane kashi yana rufe labarinsa ko yana barin mutum a rataye, a duba ko labarin ya ƙare ko ana jiran wani zango, a kuma duba ko an juya muryar ko sai an bi rubutun ƙasa da ido.

Ta ja kujerar roba ta zauna. Ta ce tana fita da sassafe ta dawo bayan magariba, wasu ranakun kuma daga asibiti aji take wucewa, don tana karatun ungozoma. Laraba da Asabar ne kawai nata. A cikinsu ma sai ta ba Baba abinci da maganin hawan jininsa, ta goge kayan aiki, abin da ke ragewa kafin barci bai fi rabin awa ba.

Ya zaɓa mata wani na barkwanci, labarin wasu 'yan'uwa mata biyu masu shagon wanki da guga. Kashi takwas, kowanne minti ashirin da biyu, kowanne da nasa labarin, an kuma juya muryar, don haka za ta iya guga tana ji. Kafin ya miƙa mata wayar ya shiga saiti ya kashe abin nan da ke kunna kashi na gaba da kansa. Ya ce shi ne ɓarawon barci, ba ya sallama kafin ya shiga.

Ta tambayi sunansa don ta ajiye lambarsa. Kafin ya buɗe baki ta ce ya bari, ta riga ta rubuta. Ta juyo masa da wayar, ya ga an rubuta Agogo.

Ranar Laraba saƙonta na farko ya shigo.

"Agogo, na gama guga, fim ya ƙare, daidai wa daida. Anya ba leƙen gidanmu kake yi ba?"

Ya rubuta ya goge ya fi sau biyar kafin ya tura: "Allah Ya kiyaye ni da leƙe. Auna ki na yi da ido. Ki kwanta, Sistata, marasa lafiya na jiranki."

Ba ta ce komai a kan wannan "Sistata" ɗin ba, ba ta kuma hana ba, shi kuwa ya ɗauki shirun a matsayin izini.

Daga nan al'ada ta kafu. Duk sanda shiri ya ƙare sai ta biyo ta shagon, ta zauna a kujerar roba, su yi musu a kan wanda ya kyauta da wanda bai kyauta ba a labarin, ya zaɓa mata wani. Da ya gano ranar Lahadi ba ta shiga aiki sai da rana, sai ya raba mata: masu minti ashirin na Laraba, masu minti arba'in da biyar na Asabar. In kashin ƙarshe ya ninka sauran tsawo, kamar yadda masu shirya fim suka saba yi, yakan faɗa mata tun kafin ta fara. Ta daina duba ƙaramin rubutun da ke ƙasan kowane kashi mai nuna tsawonsa. Me za ta duba, tana da Agogo?

Kawunsa, mai shagon, yana gefe yana kallon ikon Allah. Ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin fim ɗin da ke ɗaukar awa guda kafin ya sauka ba sai na wannan baiwar Allah.

Wata rana ta gaya masa dalilin da ya sa ba ta son abin da ba ya ƙarewa. Akwai wanda ya neme ta shekara huɗu, kullum gobe, kullum bari na gama kaza, har ranar da ta ji labarin aurensa a bakin mutane. Ta faɗa tana murmushi, amma Agogo ya ga yadda take murza igiyar jakarta. Ta ce ita yanzu ko labari mai daɗi ne, in ba a san ƙarshensa ba, a kai kasuwa.

A ranar ya gaya mata yana son ta. Ta sunkuyar da kai ta ce ya je ya gaishe da Baba.

Baba tsohon direba ne, mutum mai ƙarancin magana da yawan kallo. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu ne a gidan, kuma babu abin da ya sa a gaba kamar ya ga ta ci jarrabawar ungozoma. Agogo ya durƙusa ya gaishe shi a falo, Baba ya amsa yana kallon takalman da ya bari a bakin ƙofa, ya tambayi sana'arsa da iyayensa. Sai ya ce, "To kai ne mai zuba mata wasan kwaikwayo a waya?"

"Ni ne, Baba."

"Yarinyar nan barcinta ba ya isarta. Wanda ke son ta zai ƙara mata, ba ya rage ba. Ka gaida mutan gida."

Shi ke nan hirar. Agogo ya fito jiki a sanyaye. A ƙofar gida ya ci karo da wata farar mota, wani mutum mai tsabtar kaya ya fito riƙe da ledar magani, ya shiga gidan da sallama irin ta wanda ya saba. Mai Magani ne, wanda ke kula da ɗakin magani a asibitinsu. Shi ke kawo wa Baba ƙwayoyinsa duk wata, kuma Agogo na tsaye a waje ya jiyo dariyar Baba, dariyar da shi ko ƙamshinta bai samu ba.

An ce kishi kumallon mata, amma wanda ya faɗi haka bai leƙa cikin Agogo a makon nan ba. Ya ƙona allon wayar wani, ya mayar wa wata mata da batirin da ba nata ba. Sistarsa ta yi ta kwantar masa da hankali, ta ce Mai Magani abokin aiki ne, Baba kuma a bi shi a hankali. Ya ce ya ji, amma bai ji ba.

Sai ga ranar da farar motar ta tsaya a ƙofar shagon, Sista ta fito daga ciki, mai motar ya zauna yana jiranta. Ba ta ko zauna a kujerar roba ba. Ta ce jarrabawa saura wata uku, an ƙara musu aji, Mai Magani ne zai riƙa rage mata hanya don Baba ya roƙe shi. Tana son shiri ɗaya na ban kwana, gajere, ta kalla a makonni ukun da suka rage kafin ta shiga hutun karatu, daga nan ba zai ƙara ganinta a shagon ba sai bayan jarrabawa.

Ta faɗa masa komai a fili, babu abin da ta ɓoye. Shi ne zuciyarsa ta yi nata lissafin: wata uku, mota ɗaya, mutum biyu, ga Baba na tura su. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

Akwai wanda ya dace da ita, ya ma riga ya tanada: labarin wani tsohon malami da ɗalibansa, kashi huɗu, rabin awa kowanne ban da na ƙarshe, ya ƙare tsaf. Ya wuce shi. Ya buɗe wani na daban, labarin wata mata da mijinta ya fita da safe bai dawo ba. Ya san shi ciki da waje. Kashin farko minti arba'in ne, daga nan sai ya riƙa miƙewa, na huɗu ya haura awa, na shida awa ɗaya da rabi. Babu kashin da ke ƙarewa sai an bar mutum da zuciya a wuya. Sai an bi rubutun ƙasa, ba a guga da shi. Zangon farko ba ya warware komai, akwai na biyu da na uku, daga nan kuma masu shirin suka watsar da shi ba tare da sun faɗi inda mijin ya shiga ba. Duk wanda ya fara sai ya dawo neman ci gaba, kuma abin da Agogo ke so ke nan.

"Kashi nawa ne?" ta tambaya, idonta na kan motar.

"Shida ne kawai."

Bai yi ƙarya ba, haka ya gaya wa kansa. Manhajar an sabunta ta a makon, saitin da ya kashe tun farko ya dawo a kunne. Ya gani, yatsansa ya tsaya a kai, sai ya janye. Ta karɓi wayar ta ce Allah Ya bar mata Agogonta, ta fita. Kawu ya dube shi ta saman tabarau.

Laraba ta yi, babu saƙo a lokacin da ta saba. Da safe ya tarar da guda ɗaya da ta turo wajen ƙarfe ɗaya na dare.

"Agogo, wannan wane irin abu ka ba ni? Na ce ɗaya zan kalla, ga ni a na uku. Na kasa ajiyewa."

Ya ji daɗi, abin kunya, ya ji daɗi. Daɗin bai kai azahar ba ya koma fargaba, don ya san ƙarfe biyar take tashi. Ya ɗauki waya zai gaya mata gaskiya, ya tuna farar mota, ya ajiye.

Alhamis ba ranar kallonta ba ce, amma shirin bai san da wannan ba. Ta dawo daga aji a gajiye, ta ce bari ta ga mafarin na huɗu kawai. Na huɗu ya miƙa ta ga na biyar, na biyar ya miƙa ta ga na shida, ta ce tunda saura ɗaya gara a gama a huta. Ba a gama ba, ba a kuma huta ba. Ranar Juma'a ƙararrawar waya ta yi ta yi har ta gaji. Ta isa asibiti bayan an gama miƙa aiki, abokiyar aikinta da ta kwana tsaye tana jiranta da jajayen idanu. Shugabar ma'aikatan jinya ta kira ta ofis, ta soke hutun karatun da aka yi mata alkawari, ta ce wadda ke da lokacin makara ba ta buƙatar hutu.

A hanyar gida ta ba Mai Magani labari. Shi ba da wata manufa ba ya ce ai wannan shirin kowa ya san ba shi da ƙarshe, an daina yin sa tuni, wa ya ba ta?

Asabar da yamma ta zo shagon da ƙafa. Kawu na ganin fuskarta ya tuna yana da saƙo a maƙwabta.

"Ka san tsawonsu?"

Ya ce ya sani.

"Ka san ba ya ƙarewa?"

Ya ce ya sani. Ya fara bayanin tsoro da mota da wata uku, ta ɗaga masa hannu.

"Da kuskure ka yi da na yi dariya. Ni ma da laifina, ba ɗaure ni aka yi ba, da hannuna na riƙe wayar. Amma na gaya maka abin da aka taɓa yi mini, a kan kujerar nan na gaya maka. Sai ka ɗauki abin ka ɗana mini tarko da shi. Kai kaɗai ne mutumin da ba na duba bayan maganarsa."

Muryarta ba ta tashi ba, shi ya fi yi masa ciwo. Ta goge shirin a gabansa, ta juya ta tafi. A daren ya tura saƙo uku, babu wanda aka buɗe.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Agogo ya rame a tsaye, abinci ba ya wucewa, fim kuwa ko hotonsa ba ya son gani. Kujerar roba ya ɗauke ta ya kai bayan kanta don kada wani ya zauna. Kawu ya ƙyale shi ya sha wuya na kwanaki, sannan ya ce masa, "Kai da kake gyaran waya, in ka lalata ta mutum, saƙo kake tura masa ko zuwa kake ka tsaya a gabansa? Yarinyar nan ba ita kaɗai ka cuta ba, akwai tsohon da ya ɗora burinsa a kanta."

Agogo ya tafi gidan a lokacin da ya san tana wurin aiki, don kada a ce ita ya je gani. Baba na zaune a falo, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Ashe ba ta gaya masa dalilin makarar ba, ta ce gajiya ce. Da Agogo ya so, da ya gaishe shi ya tashi, asiri a rufe. Ya durƙusa ya zayyana komai, har da saitin da ya gani ya ƙyale.

Baba ya kashe rediyon. Ya ce a shekarun da ya yi yana tuƙi, ya ga direbobi da yawa da suka bugi motar mutane a inda babu kowa, 'yan kaɗan ne suka tsaya neman mai ita. Ya ce wannan ba ya nufin ya yafe. Hutun da aka soke ba zai dawo ba, in ta faɗi jarrabawar nan kada ya ƙara taka ƙofar gidan. Agogo ya ce ya amince.

Bayan kwana biyu saƙonta ya shigo, babu gaisuwa.

"Baba ya gaya mini zuwanka. Kaina na ɗaukar zafi da karatu, ina son abin da zan huta da shi. Laraba kawai gare ni yanzu, minti ashirin da biyar. Zaɓa mini."

Ya gane ba fim take tambaya ba. Ya zauna ya buɗe kowane shiri ya duba kashi-kashi, duk da ya san su, sannan ya rubuta:

"Sista, akwai na wasu ma'aikatan gidan waya, na dariya ne. Kashi goma, tsakanin minti ashirin da ɗaya zuwa ashirin da huɗu, sai na bakwai da ya kai talatin da biyu, ki tsallake shi ko ki raba shi biyu, ba ya shafar sauran. Kowanne na rufe labarinsa, an juya murya. Yana da zango na biyu amma ba kya buƙatarsa. Akwai kuma na wani tsohon malami, wanda ya kamata na ba ki tun farko. Ya fi kyau, amma rabin awa ne, na ƙarshe minti hamsin, ba zai shiga Larabarki ba. Ki duba tsawonsu da idonki, kada ki dogara da ni. Ki shiga saiti ki kashe mai kunna na gaba, ya dawo a kunne."

Ya tsaya. Saura abu ɗaya, wanda ya daɗe da sani bai taɓa faɗa ba, don shi ne igiyar da ke jawo ta shagon. Ya rufe ido ya ƙara:

"Kuma ba sai kin zo nan ba. In kika rage ingancin hoton a saiti, intanet ɗin asibitinku zai sauke miki kashi ɗaya kafin ki gama shan shayi. Tun farko ma haka ne."

Amsar ta zo a taƙaice: "Na gani."

Ba ta zo ba. Makonni suka yi ta wucewa, farar mota na wucewa ta gaban shagon wani lokaci, ba ta tsayawa. Agogo ya hana kansa tura saƙo, sai addu'a da yake yi mata duk asuba, yana kuma lissafa abin da zai yi da ransa in ta faɗi. Abin da bai sani ba shi ne, a cikin makonnin nan Baba ya zaunar da Mai Magani ya tambaye shi ina aka dosa. Mutumin kirki ne, bai yi ƙarya ba: ya ce yana da niyya, amma sai ya buɗe nasa kantin magani, sai ya gama gini, wataƙila shekara biyu, wataƙila uku. Sista na kicin tana ji, ta ce a ranta ta taɓa kallon wannan fim ɗin.

Ranar da sakamako ya fito, Agogo na sunkuye a kan wata waya ya ji sallama. Hannun ya fara gani, da ƙamshin sabulun nan. Bai iya ɗagowa da wuri ba.

"Ina kujerata?"

Ya zaga bayan kanta ya ɗauko, ya goge ƙurar da hannun rigarsa. Ta zauna, ta ce ta ci, da ƙyar amma ta ci. Ta ce kashi na bakwai minti talatin da biyu ne cif, ta duba. Duk ta duba, ɗaya bayan ɗaya, tana neman inda zai sake yi mata rabin gaskiya, ba ta samu ba.

"Me zan sauke miki?" ya tambaya.

"Babu. Na iya da kaina, wani ya koya mini. Zuwa na yi kawai." Ta ɗan harare shi. "Baba na nemanka. Kuma ka sani, har yanzu ina jin haushinka kaɗan."

Ya ce ya yarda ta riƙa biyansa haushin kaɗan-kaɗan har tsufa.

A falo Baba bai ɓata lokaci ba. Ya ce, "Samari, an ce kai ba ka ba mutum abu sai ka faɗi tsawonsa. To naka neman, zango nawa ne?"

"Baba, ba ni da mota, ba ni da gini. Ɗaki biyu nake haya, sana'ata kuma ka san ta. In ka ba da rana, Kawu zai zo a makon nan."

Baba ya juya ya kalli ƙofar kicin, inda aka daina motsin kwanuka tun ɗazu. Ya ce to Kawun ya zo.

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Mai Magani ma ya halarta, ya yi musu fatan alheri, ya ci gaba da kawo wa Baba ƙwayoyinsa. Da za a tafi da amarya, Baba ya riƙe hannunta ya daɗe bai saki ba. Ya ce Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, Ya sa su riƙa gaya wa juna gaskiya cikakkiya ko da ɗaci. Ya dubi ango ya ce amana ce, kuma barcinta na cikin amanar.

Na tsohon malamin nan suka fara kallo a ɗakinsu, kashi ɗaya duk Laraba da Asabar, don aure bai rage wa ungozoma aiki ba. Na ƙarshe suka ajiye wa Asabar. Ta dawo ranar bayan ta karɓi haihuwa uku, ta ci abinci, ta zauna kusa da shi ta ce yau sai ta ga ƙarshen malamin nan ko ana ha-maza-ha-mata. Ya tuna mata minti hamsin ne. Ta ce ta sani, ta duba.

Ba a yi minti goma ba ya ji kanta ya sauka a kafaɗarsa, numfashinta ya daidaita. A allon, malamin ya ɗaga hannu zai buɗe ƙofar ajin da aka yi kashi uku ana jira. Agogo ya danna tsayawa, ya kife wayar, ya ja mayafi ya rufe mata ƙafa. Kafaɗarsa ta fara sagewa, bai motsa ba.

Cikin magagi ta ce, "Ya ƙare?"

"Da saura, Sistata. Yana nan yana jiranki, ki yi barcinki."